Me Ya Sa Ake Sanyaya Iska Sannan a Sake Ɗumama Ta?

A manyan otal-otal da asibitocin Legas ko Fatakwal akwai wata na'ura da akan girke a kan rufi, wadda aikinta shi ne ta zuƙo iskar waje, ta tace ta, ta tura ta cikin ɗakuna don mutane su shaƙi sabuwar iska. Wanda ya buɗe ƙofar gefenta zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Da farko iska tana ratsa wasu bututun jan ƙarfe masu ɗauke da ruwan sanyi, wato koyil, ta yi sanyi ƙalau. Gaba kaɗan sai ga hita tana sake ɗumama ta. A ƙasar da ake sayen dizal da tsada, mai gini yana da hujjar tambaya: wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? Amsar tana cikin ruwan da iska ke ɗauke da shi.

Iska tana da zafi, tana kuma da laima, kuma ma'aunin zafin da ke jikin bango ɗaya kawai yake nunawa. Injiniyoyi suna auna laimar ne da giram: giram nawa na tururin ruwa ke cikin kilo ɗaya na busasshiyar iska. Iska mai zafi tana iya riƙe tururi da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan. Idan aka yi ta sanyaya iska, za a kai matakin da ba za ta iya riƙe abin da ke cikinta ba, sai ya fara zuba. Wannan shi ne matakin raɓa, kuma shi ya sa kwalbar lemo da aka ciro daga firji take gumi. Willis Carrier, wanda ya tsara wa wata maɗaba'a a Brooklyn na'urar rage laima a 1902, ya gabatar da lissafin wannan alaƙa a 1911. A yau ana duba ta a jadawalin saikirometirik, inda zafi yake kwance a layin ƙasa, giram ɗin ruwa kuma yake tsaye a gefe. Kowane yanayin iska ɗigo ɗaya ne a kan takardar.

Mu ɗauki wata rana a bakin teku da zafi ya kai digiri 32, laima kuma kashi 70 cikin ɗari. Jadawalin zai nuna cewa kowane kilo na wannan iska yana ɗauke da ruwa giram 21, matakin raɓarta kuma digiri 26 ne. A cikin ɗaki ana son digiri 24 da laima kashi 50, wato giram 9.3 kacal, da matakin raɓa wajen digiri 13. Ke nan sai an raba iskar da fiye da rabin ruwanta kafin a bar ta ta shiga.

Koyil ba shi da wata dabarar cire ruwa illa sanyi. Daga digiri 32 zuwa kusan 26 iskar tana hucewa ne kawai, ɗigon yana tafiya hagu a kan jadawali ba tare da ya sauka ba. Daga nan sai ruwa ya fara tsatsafowa a jikin ƙarfen, ɗigon ya gangara ƙasa. Don a samu iskar da ta ɗan fi ta ɗaki bushewa, yadda za ta iya shanye gumi da numfashin mutane, sai an kai ta digiri 12. A nan tana fita da giram 8.3, laimarta kuma wajen kashi 95.

A ce na'urar tana tura lita 1,000 a daƙiƙa, wanda nauyinsa ya kai kilo 1.2. Aikin koyil gaba ɗaya zai kama kilowat 64. A ciki, kilowat 24 ne kawai ya tafi wajen rage zafin da jiki ke ji. Sauran 40 ɗin sun tafi wajen mayar da tururi ruwa, kuma ana ganin sakamakon da ido: bututun magudana zai riƙa zubar da lita 55 a awa, fiye da jarka biyu masu cin lita 25. Duk wanda ya zaɓi girman koyil da bambancin zafi kaɗai zai sayi wanda bai kai rabin abin da ake buƙata ba.

Yanzu iskar ta bushe, amma ta yi sanyi da yawa. Idan aka sake ta a digiri 12, bakin ƙarfen da take fitowa a silin zai sauka ƙasa da matakin raɓar ɗakin, ya fara ɗiga a kan gado ko tebur. Da dare kuma, lokacin da babu rana babu cunkoso, ɗaki zai yi sanyin da ba a nema ba. Shi ya sa ake ɗumama ta zuwa digiri 22. Ɗumamawa ba ta ƙara ruwa ko giram ɗaya. Ɗigon yana komawa dama ne a miƙe, laima ta sauko daga kashi 95 zuwa 50. Kuɗin wannan mataki kilowat 12 ne.

Hanyar da ta fi jan hankalin mai tsimi ita ce a kashe hita, a sa koyil ya tsaya a digiri 22 tun farko. Ma'aunin zafi zai nuna lamba ɗaya da ta ɗazu, amma iskar tana ɗauke da kusan giram 16. Hakan na nufin ana ɗura wa ginin ƙarin ruwa wajen lita 28 a kowace awa. Ƙananan na'urorin ɗakuna ba su cika iya kwashe wannan ba, domin da zarar ɗaki ya yi sanyi sai su rage aiki. Bayan 'yan makonni zanen gado ya fara danshi, kabad ya ɗauki wari, baƙar fumfuna ta bayyana a bayan labule da kusurwar silin.

Ranar da aka yi ruwan sama ta fi kowace tona asirin irin wannan saiti. Zafi yana iya sauka zuwa digiri 26, laima ta haura kashi 95. Kowa yana cewa gari ya yi sanyi, alhali ruwan da ke cikin iskar giram 20 ne, kusan daidai da na ranar zafi. Idan bawul ɗin ruwan sanyi yana bin zafin ɗaki ne, zai rufe a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Saboda haka ake sa koyil ya bi zafin iskar da ke fitowa daga jikinsa ko matakin raɓarta, hita kuma ta bi zafin da za a tura ɗaki. Kowannensu da nasa ma'aunin.

Mai kula da gini yana iya gane lafiyar na'urar ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Ya auna zafin iska tsakanin koyil da hita. Idan ya ga 16 ko 17 maimakon 12, ruwan bai fita yadda ya kamata ba. Sai ya duba ruwan sanyin da ke shigowa, wanda ya kamata ya tsaya digiri 6 zuwa 7, domin ruwan da ya haura 10 da wuya ya kai iska 12. Ya kuma tara bokiti a bakin magudana ya auna abin da ya taru a minti goma. Idan ya ga ruwa a ƙasan bututun iska bayan koyil, to ko magudana ta toshe, ko gudun iska ya wuce mita 2.5 a daƙiƙa yana fizgo ɗigon ruwa daga ƙarfen.

Inda ake samun sauƙi na gaske shi ne tushen zafin. Ba dole ba ne kilowat 12 ɗin ya fito daga hitar lantarki. Ana iya ɗebo shi daga zafin da kwamfuresa ke zubarwa waje, ko a kewaye koyil da wasu bututu da ke karɓar zafi daga iskar da ke shigowa su miƙa wa wadda ta fita. Idan suka sauke mai shigowa da digiri 6, suka ɗaga mai fita da digiri 6, an rage wa koyil kilowat 7, an rage wa hita 7, iskar kuma tana nan da giram 8.3 ɗinta.