Bayan Tiyatar Furostet: Yaushe Gaba Ke Farfaɗowa?

A shekarar 1982 ne Dakta Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya fara cire furostet mai ɗauke da kansa ba tare da ya yanke jijiyoyin da ke miƙar da gaba ba. Furostet ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsara, jijiyoyin kuwa suna manne da shi dama da hagu, sirara kamar zare. Kafin wannan dabara, kusan duk wanda aka yi wa aikin ya yi sallama ke nan da ƙarfin gabansa.

Sai dai ko an tsallake jijiyoyin, ja da taɓawar da suka sha kan sa su suma na wani lokaci. A ɗauki magidanci mai shekara 58, ba ya da ciwon suga, lafiyarsa lau kafin aiki, an kuma bar masa jijiyoyin duka biyu. Watannin farko shiru zai ji, har miƙewar asuba babu. Daga wata na shida zuwa shekara guda ake sa ran ɗan motsi, abin kuma kan ci gaba da gyaruwa har shekara biyu, ko da yake da wuya ya koma daidai yadda yake a da. Daɗin saduwa yana nan, amma maniyyi ba zai ƙara fita ba, don haka mai son haihuwa ya faɗa wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Gashin kansa kuwa akasin haka yake. Da farko ba a ganin komai, sai ƙarfin ya riƙa zagwanyewa cikin shekara biyu zuwa uku, saboda gashin na lalata ƙananan hanyoyin jini a hankali. Idan an haɗa da allurar danne sinadarin maza, sha'awar ma kan tafi.

Likitoci kan fara da ƙwayoyi, sildenafil ko tadalafil. Matsalar ita ce sai jijiya ta kawo saƙo suke aiki, shi ya sa rashin tasirinsu a wata na uku ba ya nufin an gama, a sake gwadawa nan gaba. Mai shan maganin ciwon ƙirji na naitiret kada ya kusance su, domin jininsa na iya faɗuwa warwas. Na masu talla a tasha kuwa, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Allurar alfurostadil da ake yi a gefen azzakari ba ruwanta da jijiya, cikin kamar minti 10 take aiki, amma miƙewar da ta kai awa 4 sai a garzaya asibiti. Akwai kuma famfon da ke janyo jini, wanda zobensa bai kamata ya wuce minti 30 a jiki ba. Idan shekara biyu ta shuɗe babu labari, likitan mafitsara na iya kawo maganar dasa na'ura a cikin azzakarin.