Daƙiƙa Huɗu, Haruffa 68: Yadda Ake Sa Wa Fim Rubutun Rashanci

Mu ɗauki wani ɗan wuri a cikin fim ɗin Hausa. Wani ɗalibi ya zo zauren malaminsa, ya durƙusa, ya ce: "Salamu alaikum, Malam, don Allah a yi haƙuri, ba zan samu zuwa ɗaurin auren gobe ba." Daga buɗe bakinsa zuwa rufewa daƙiƙa huɗu ne cif, sai kyamara ta juya kan fuskar malamin. Yanzu ana so a kai fim ɗin wani bikin finafinai a Mosko, don haka dole a sa masa rubutun ƙasan allo, wanda 'yan fim ke kira sabtaitul, da harshen Rashanci. Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka cewa sanin harsunan biyu ya wadatar. Amma kafin mai fassara ya rubuta harafi ɗaya, akwai lissafin da zai fara yi, kuma lissafin ne zai gaya masa iyakar abin da zai iya faɗa.

Iyakokin guda biyu ne. Na farko tsawon layi. Ƙa'idar da kamfanin Netflix ya shimfiɗa wa masu yi masa fassarar Rashanci, wadda masu aikin da dama ke auna kansu da ita, a da ta ce layi kada ya wuce haruffa 39, kuma kada layuka su wuce biyu a lokaci guda. Tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya duk ana ƙirga su kamar haruffa. Turanci an ba shi 42. Wanda ya dubi rubutun Sirilik, wato baƙaƙen Rashanci guda 33, zai ga inda bambancin ya fito: haruffa irin su ж da ш da щ da ю faɗi gare su, kowanne yana cin wurin da siraran baƙaƙen boko biyu za su zauna.

Iyaka ta biyu ita ce saurin karatu, kuma ita ce mai wuyar sha'ani. Ana auna ta da yawan haruffan da ido zai karanta a daƙiƙa ɗaya, abin da manhajojin aikin ke nunawa da `CPS`. A Rashanci an tsayar da 17 ga finafinan manya, 13 ga na yara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kallo fim ya zo kallo, ba karatu ba. Idan rubutu ya cika, idonsa zai maƙale a ƙasan allo, ya rasa hararar da aka yi, ya rasa hannun da ya miƙa kuɗi a ɓoye. Ga Rashawa kuwa abin ya ƙara nauyi, domin mafi yawansu da fassarar murya suka saba. A shekarun 1980 da 1990 finafinan waje sun shiga gidajensu ne a kaset ɗin bidiyo da muryar mutum ɗaya yana fassara kowa da kowa, irin su Leonid Volodarsky, kusan yadda muka san fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa. Mai kallon da ya taso a haka, ba a cika masa allo da rubutu.

To, mu koma zauren malam. Daƙiƙa huɗu sau 17 ya ba mu haruffa 68. Wannan shi ne jarin mai fassara gaba ɗaya. A ma'aunin haruffa 39, layuka biyu za su iya ɗaukar 78, amma lokaci bai yarda ba, kuma a tsakanin iyakokin biyu wadda ta fi matsi ita ake bi.

Idan aka fassara maganar ɗalibin kalma da kalma, ba a bar komai ba, ga abin da za a samu:

```
Здравствуйте, учитель, пожалуйста, простите меня, я не смогу прийти завтра на свадебную церемонию.
```

Fassara ce mai kyau, babu malamin Rashanci da zai ja mata jan biro. Amma haruffanta 98 ne. Ba za ta shiga layuka biyu ba, kuma idan aka raba 98 gida huɗu za a samu 24.5 a daƙiƙa, wato mai kallo zai kai tsakiyar jimla rubutun ya ɓace. Duba inda wurin ya tafi. Kalmar gaisuwa, здравствуйте, ita kaɗai haruffa 12 ce. Kalmar roƙo, пожалуйста, wadda ta tsaya a madadin "don Allah", 10 ce. Kalmomin Rashanci dogaye ne saboda kusan kowace tana ɗauke da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya masu nuna wa ya yi, wa aka yi wa, da yaushe. Kalmomin ladabi biyu kawai sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin.

Nan ne ake fara yanka, kuma nan ne ake gane gwani. Abin tambaya shi ne: me mai kallo ke buƙata daga rubutu, me kuma hoto da sauti suka riga suka ba shi? Durƙuson ɗalibin yana gani, sassaucin muryarsa yana ji, don haka пожалуйста za ta iya tafiya ba tare da ladabin ya ragu ba. Kalmar простите, wato "a yi haƙuri", ta ishi kanta ba sai an ƙara меня ba. Свадебную церемонию, "bikin ɗaura aure" a dogon zance, za ta koma свадьбу, kalma ɗaya. Idan aka cire gaisuwar ma, sai a samu wannan:

```
Простите, учитель,
я не смогу завтра прийти на свадьбу.
```

Layin sama 18, na ƙasa 36, jimla 54, wato 13.5 a daƙiƙa. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba, kuma masu fassara da yawa nan za su tsaya su wuce gaba. Ni dai ba na tsayawa a nan, domin sallama a fim ɗin Hausa ba ado ba ce. Ɗalibin da ya faɗo wa malaminsa da "a yi haƙuri" babu sallama wani mutum ne daban, ba wanda marubucin fim ya rubuta ba. Kuma akwai ragowar haruffa 14 a hannu. An yi sa'a Rashawa sun san sallama, saboda miliyoyin Musulmin da ke Tatarstan da yankin Kaukasus da manyan biranen ƙasar. Салам алейкум tare da ayarta haruffa 14 ce daidai, amma tazarar da za ta biyo bayanta ta mai da ita 15. Layin sama ya zama 33, jimla 69, saurin karatu 17.25. Harafi ɗaya ya yi yawa.

Hanyoyi biyu ne a gaban mai fassara. Ko dai ya ƙara lokaci, ko ya rage rubutu. Fim yakan gudu da hotuna 24 a daƙiƙa, waɗanda ake kira firam, kuma ƙarin firam biyu kacal zai sauko da lissafin ƙasa da 17. A wani wurin da haka za a yi, a bar rubutu ya ɗan daɗe bayan mai magana ya yi shiru. Amma a nan kyamara ta juya kan malam daidai ƙarshen maganar, kuma idan rubutu ya tsallaka sauyin hoto, ido yakan ɗauka sabo ne ya koma farko ya sake karantawa. Ga shi malam zai amsa nan take, kuma dole a bar aƙalla firam biyu tsakanin rubutu da rubutu don mai kallo ya lura an canza. Ƙofar lokaci a rufe take.

Sai a koma ga nahawu, kuma abin da ya tsawaita kalmomin Rashanci shi ne zai yi ceto. Ƙarshen kalmar смогу ya riga ya nuna cewa mai magana kansa yake nufi, don haka wakilin suna я, wato "ni", za a iya ɗauke shi, jimlar ta ma fi kama da yadda ake magana a baki. Harafi ɗaya da tazararsa sun tafi. Ga yadda zai zauna a fayil ɗin `.srt`:

```
147
00:12:04,000 --> 00:12:08,000
Салам алейкум. Простите, учитель,
не смогу завтра прийти на свадьбу.
```

Layin sama 33, na ƙasa 34, jimla 67, saurin karatu 16.75. Sallama ta dawo, uzurin ya isa, ba a taɓa lokaci ba.

Akwai shawarwari biyu da aka yanke a cikin waɗannan layuka waɗanda lissafi bai nuna su ba. Rashanci yana bambanta ты, da ake ce wa aboki ko yaro, da вы na girmamawa. Прости ta fi простите gajarta da haruffa biyu, kuma mai neman wuri zai iya kwaɗayinta, amma ɗalibin da ya ce wa malaminsa прости ya zama marar kunya a idon Barashe. Duk wanda aka fara yi wa вы a fim, haka za a ci gaba har ƙarshe, sai dai in labarin ne ya canza dangantakar. Ta biyu ita ce kalmar никах, wadda Musulmin Rasha ke amfani da ita, kuma ta fi свадьба dacewa da ɗaurin aure, ta kuma fi ta gajarta. Da a Kazan za a nuna fim ɗin, ita zan zaɓa. Ga taron Mosko mai gauraye kuwa, kalmar da za ta sa mutum ya tsaya tunani ta fi doguwar kalma cin lokaci.

Wurin karya layi ma ba a barin sa ga manhaja. Ba a raba на da sunan da take jagoranta, ba a bar не a ƙarshen layin sama aikatau ɗinta yana ƙasa, domin mai kallo zai karanta rabin ma'ana ya ɗauka ita ce duka. A misalinmu karyawar ta faɗo bayan waƙafi, inda mai magana ma zai ja numfashi. Sauran ƙa'idojin lokaci kuwa gajeru ne: rubutu kada ya gaza kashi biyar cikin shida na daƙiƙa ko da kalma ɗaya ce, kada kuma ya wuce daƙiƙa bakwai.

Manhajoji na kyauta irin su `Subtitle Edit` da `Aegisub` suna yin ƙirgar, su sa jan launi a inda aka wuce iyaka. Abin da ya fi ɓata wa sabon shiga rai shi ne ya gama aiki ya aika, a buɗe fayil a ga Привет ta koma `Ïðèâåò`. Rashawa suna kiran wannan shirme кракозябры. Yana faruwa ne idan an adana fayil da tsohon tsarin `Windows-1251` aka buɗe shi da tsarin baƙaƙen Turai ta Yamma, kuma maganinsa a adana da `UTF-8` tun farko.

Bayan duk jan launi ya ɓace, sai a zaunar da wanda Rashanci ne harshen uwarsa, wanda bai san labarin ba, a kunna masa fim ɗin ba tare da tsayarwa ba. Mai fassara ya zauna a gefe da takarda, yana kallon fuskarsa maimakon allo. Duk inda ya ce a ɗan mayar baya, ko ya tambayi wa ya faɗi wannan, sai a rubuta lambar rubutun, a koma kansa a sake ƙirgawa.