Matsalar Gina Dabarar Lissafi a kan Misali Guda

A ƙaddara magatakarda yana riƙe da lissafin buhunan shinkafa na manoman Wurno da Rabah da Goronyo a cikin Excel. Ya ce gurbin A2 yana ɗauke da `Wurno-12`, yana bukatar dabarar da za ta ware adadin. Mai gaggawa zai rubuta:

```
=VALUE(MID(A2,7,2))
```

Wannan dabara ta dogara ne bisa zato guda biyu, waɗanda ya wajaba a tabbatar da su tukuna. Na farko, cewa kowane suna harufa 5 ne. Wurno da Rabah sun dace da haka, amma Goronyo harufa 7 gare ta, saboda haka sai `#VALUE!` ya bayyana. Na biyu, cewa adadin ba zai wuce lambobi biyu ba. Wannan ya fi haɗari, domin `Wurno-120` zai ba da 12 ba tare da wani gargaɗi ba, manomi ya yi hasarar buhu 108 a rubuce.

Abin da ya fi dacewa shi ne a nemi karan tsakiya:

```
=VALUE(MID(A2,FIND("-",A2)+1,10))
```

Ita ma sai an tabbatar kowane gurbi yana da kara ɗaya tak. A taƙaice, a gwada dabara da mafi tsawon suna da mafi girman adadi kafin a amince da ita.