Yadda ake ɗora kurciya a kan wayar lantarki a hoto ba tare da an gane ba

Masu gyaran hoto kan ƙara tsuntsu a hoton da ya yi fili da yawa: sama fayau, wayar lantarki ta ratsa, babu komai a kanta. Yanko tsuntsun daga wani hoto ba wuya. Wuyar ita ce ya zauna a wurin har mai kallo ya yarda cewa da kansa ya sauka. Yawanci kuma tun daga girma ake ɓata aikin, domin da ido ake ƙiyastawa, ido kuwa tsuntsu babba yake so.

Girma aunawa ake yi. A ce hoton wata unguwa ne, waya ta bi daidai saman katangar bulo, ana so a ɗora kurciya. Tsawon bulon siminti da aka saba gini da shi santimita 45 ne, kurciya kuwa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kamar santimita 25. Sai a auna bulo ɗaya a cikin hoton. Idan ya ci fiksel 180, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, kowace santimita ta ci fiksel 4 ke nan, kurciya kuma ba za ta wuce fiksel 100 ba. Hankaka, da ya kusa ninka ta, zai kai wajen 190. Amma lissafin yana aiki ne kawai in nisan waya da na katanga daga kyamara ɗaya ne. In nisan wayar ya ninka na katangar, sai a raba biyu: fiksel 50.

Daga nan sai ƙafa, kuma a ganina nan ne aka fi tona asirin mai gyara. Tsuntsun da aka ɗauka yana kiwo a ƙasa yatsunsa a baje suke. Na kan waya kuwa ya damƙe ta, uku ta gaba, ɗaya ta baya. Don haka tun farko a nemi hoton kurciyar da ke kan reshe ko waya, wanda aka ɗauka daga ƙasa kamar yadda aka ɗauki wayar. Kurciyar da ake hango gadon bayanta ba za ta zauna a wayar da ke sama da kai ba, ko me aka yi mata. Idan tana fuskantar mai kallo, yatsu su hau kan wayar, wutsiya ta sauka ta bayanta. A Photoshop ana yin haka da Layer Mask: a shafe ɗan siririn wurin da wayar ta gitta wutsiya, wayar ta fito. Ƙarƙashin yatsun a sa ɗan duhu kaɗan, in ba haka ba sai ta zama kamar tana shawagi.

Gashi kuwa, mutane na wahalar da kansu a banza. Kurciya mai fiksel 100 ba a ganin zaren gashinta ɗaya-ɗaya. Abin da ido ke kamawa shi ne layin fiffike, da ɗige-ɗigen wuya, da gefen jiki mai laushi. In ta fi wayar da take kai kaifi, an gane. A ɗan dusashe ta da Gaussian Blur, rabin fiksel zuwa ɗaya, har kaifinta ya zo daidai da na wayar, sannan a zuba mata ɗan tsakin hoto da Add Noise. Wajen yanka, Select and Mask na kiyaye gashin gefe, Decontaminate Colors kuma na cire launin tsohon wurin da ya maƙale. Kurciyar da aka ciro daga cikin ganyen darbejiya kan zo da koren zobe a jikinta, wanda ke fitowa ɓaro-ɓaro a kan shuɗin sama.

Saura haske. A duba inuwar katanga ko ta turken lantarki a san inda rana take. In tana dama, tsuntsun kuma hagunsa ne ke da haske, a juya shi da Flip Horizontal, ɗigon hasken da ke ƙwayar idonsa ma ya koma ɓangaren rana. Juyi dai ba ya maganin komai: hasken tsakar rana da ke dukan ka da baya ba zai koma na la'asar ba, gara a sake wani hoton. Tsuntsun da sama mai haske ke bayansa duhu-duhu yake fitowa, sai a rage masa haske da Curves. In kuma hoton na lokacin hunturu ne, ƙura ta cinye baƙi, babu abin da ya yi baƙi ƙirin daga nesa, to baƙin wutsiyar kurciya kada ya fi na wayar duhu. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce a mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci, a ƙanƙanta shi kamar girman allon wayar hannu. In kurciyar ta fi kewayenta duhu ko haske, nan take za ta yi tsalle ta fito, sai a koma Curves a daidaita.