Takardar Cinikin Gona a Kunnen Makaho

A gidaje da yawa akwai irinta, a ninke cikin adaka ko ƙarƙashin katifa: takardar cinikin gona da aka rubuta da biro a kan fallen littafin makaranta. Ranar da maganar gado ta taso sai a fito da ita, wani yaro ya ɗauki hotonta da waya ya tura wa dangi. Kowa ya buɗe ya karanta. Idan cikin magada akwai makaho, shi dai saƙo ya shigo wayarsa, amma babu abin da ya iso gare shi.

Makafi da dama a yau suna karatu da kunne. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai JAWS da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, ta fara fitowa a 2006, kuma kyauta ce. Aikin waɗannan manhajoji shi ne furta haruffan da ke kan allo, ko su tura su zuwa wata na'ura mai fito da ɗige-ɗigen rubutun makafi na Louis Braille a ƙarƙashin yatsa. Hoton takarda kuwa ba haruffa ba ne. Akwai manhajojin da ke tsamo rubutu daga hoto, suna kuma ƙoƙari a kan bugun inji, amma rubutun hannu mai karkata, da tawadar da ta dushe, da ninkin da ya ci rabin layi, suna rikita su. Dole mutum ya zauna ya kwafe da hannunsa.

Wanda bai saba ba yakan ɗauka aikin shi ne buga kalmomin kawai. A ɗauki misalin takarda guda. A samanta an rubuta Bismillah da Larabci, sai kwanan wata a kusurwar dama, sai kanu da aka ja wa layi. A tsakiya an rubuta kuɗin gonar naira 400, an soke, an rubuta 450 a samansa. A ƙasa sunayen shaidu huɗu ne a jere, biyu sun sa hannu, biyu sun dangwala yatsa. Ga hatimin dagaci, ga kuma ɗan zanen gonar a gefe. Mai ido yana kwashe duk wannan da kallo ɗaya. Idan mai kwafa ya buga kalmomin a jere yadda suka zo, makaho zai ji an ce an sayar da gona "naira 400 450", ba zai san an taɓa soke wani abu ba, balle ya san akwai hatimi.

Sokewar nan ita ce ta fi yaudarar masu kwafa. Word na da hanyar jan layi a kan kalma, sai mai kwafa ya yi amfani da ita ya ga shafinsa ya yi kama da na asali. Amma yawancin manhajojin karanta allo ba sa sanar da wannan layi sai in mai su ya kunna hakan da kansa. Haka ja-layi da launin tawada. Don haka ake faɗin abin da baki, cikin baka mai kusurwa, domin a rarrabe muryar mai kwafa da ta mai rubutu: naira [an soke: 400] [an rubuta a sama da wata tawada: 450]. Wannan "da wata tawada" yana da nauyi. Mai ido zai lura da shi ya yi tambaya, kuma makaho na da haƙƙin yin tambayar shi ma. A farkon kwafin sai a sa layi ɗaya da ke cewa duk abin da ke cikin irin wannan baka ƙarin mai kwafa ne. Inda ninki ya cinye kalma, a rubuta [kalma ɗaya ba ta karantuwa]. Inda ake zato, a rubuta zaton da alamar tambaya. Kuskuren rubutun mai takarda kuma a bar shi yadda yake, don kwafi ake yi ba gyara ba.

Sai tsari. Mai ido yakan tsallake ya tafi kai tsaye wurin shaidu. Makaho ma na iya yin haka, idan an gina masa matakala. Mai amfani da NVDA ko JAWS yakan danna harafin H ya yi tsalle daga kanu zuwa kanu, ya danna T ya faɗa kan jadawali. Wannan ba ya aiki idan mai kwafa ya ƙara wa kanun girma da kauri kawai. Sai ya zaɓa masa Heading 1 ko Heading 2 kafin manhajar ta san kanu ne. A takardar misalin, kanu huɗu sun isa: bayanin takardar, matanin ciniki, shaidu, sai hatimi da zane. Shaidun kuma a sa su a jadawali na gaske mai ginshiƙi biyu, suna da irin shaidar da ya bari, ba a jera su ta hanyar danna tazara har su daidaita a ido ba. Jerin da aka yi da tazara, a kunne tsintsiya ce da aka kwance.

Zanen gonar shi ne inda ake gane gwani. Rubuta "zanen gona" kawai daidai yake da nuna wa mutum ƙofa a kulle. Bayanin da ke aiki yakan fara da siffar gaba ɗaya, sannan ya bi gefe-gefe: zane mai kusurwa huɗu, ya fi tsawo daga sama zuwa ƙasa; a gefen dama an rubuta "hanyar kasuwa"; a gefen hagu akwai layi mai lanƙwasa da aka rubuta wa "rafi"; a kusurwar sama ta hagu an zana bishiya an rubuta "tsamiya"; ba a nuna inda gabas take ba. Wannan jimlar ta ƙarshe tana hana mai kwafa ƙirƙiro alƙiblar da mai zanen bai sa ba. Haka hatimin: a faɗi siffarsa, launinsa, abin da ake iya karantawa a jikinsa, da cewa ya hau kan sa hannun shaida na biyu. Ko na gaske ne ko jabu, wannan ba hurumin mai kwafa ba ne. Gajeren bayani na iya shiga akwatin Alt Text na hoton, amma dogo irin na zanen nan ya fi dacewa a cikin matani, inda za a iya bin sa layi-layi a kuma koma baya.

Hausa na da nata cikas. Wasu tsofaffin nau'o'in haruffa na kwamfuta suna aron wata alama su zana ta kamar ƙ ko ɗ. A ido ta yi daidai, amma manhajar asalin alamar take gani. Sai an buga ɓ, ɗ, ƙ na Unicode. Ko da hakan, muryar da aka tsara don Turanci na iya tsallake su, ta mai da "ƙasa" wani abu dabam, shi ya sa sunayen mutane da na wurare suke bukatar a bi su harafi-harafi a lokacin gwaji. Bismillar da ke sama kuwa a buga ta da Larabcinta, a gabatar da ita da ɗan bayani cewa layin farko da Larabci yake.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Idan an mai da kwafin PDF, a gwada zaɓar kalma ɗaya a ciki. In ba ta zaɓu ba, hoto aka sake yi. Daga nan mai kwafa ya kunna NVDA, ya kashe allo, ya saurari shafin daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya miƙa wa makahon da aka yi dominsa ya tambaye shi abu uku: nawa aka sayar da gonar, su wa suka dangwala yatsa, kuma me ke iyaka da ita ta hannun hagu.