Imel ɗin Jajibirin Taro: Yadda Ake Rubuta Shi Ya Yi Aiki

Yawancin tarukan aiki ana tsayar da ranarsu ne mako ɗaya ko biyu kafin lokaci, wani sa'in ma a waya ko a tsaitsaye. Kafin ranar ta zo, wani ya manta ƙarfe nawa aka ce, wani ya ɗauka a tsohon ofis za a haɗu, wani kuma ya iso a kan lokaci amma ya baro takardar da aka taru dominta a gida. Maganin wannan shi ne gajeren saƙon imel da ake aikawa ana gobe taro. Sharaɗinsa guda ne: ya wadatar da kansa, ta yadda mai karantawa ba zai koma laluben tsofaffin saƙonni ba, ba kuma zai buga waya yana tambaya ba.

Mu ɗauki misali. Mutum uku sun haɗa jari sun kafa ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Kura, sun yi masa rajista da hukumar CAC, yanzu kuma za su gana da jami'in banki a Kano domin buɗe asusun kamfani. Ɗayansu ne ke riƙe da sakatarci, shi zai tunatar da sauran. Ga abin da ya kamata ya rubuta a layin take, wanda ke fitowa da sunan Subject a fuskar waya: "Tabbatarwa: ganawa da banki, Talata 14 ga Oktoba, 10:00 na safe". Mutane da yawa taken kaɗai suke gani suna cikin hada-hada, don haka rana da lokaci su fito tun daga nan. Cikin saƙon kuma ya ce:

"Assalamu alaikum Alhaji da Hajiya. Ina tabbatar mana da ganawarmu da jami'in banki ranar Talata, 14 ga Oktoba, da ƙarfe 10:00 na safe, a reshensu na Titin Murtala Muhammad, hawa na farko, teburin asusun kamfanoni. Mu haɗu a bakin ƙofa da ƙarfe 9:45. Za mu cike takardun buɗe asusu mu sa hannu, muna sa ran gamawa kafin ƙarfe 11:30. Alhaji zai zo da asalin takardar rajistar CAC da kwafi biyu. Hajiya za ta zo da takardar shawarar daraktoci da muka sa wa hannu. Ni zan zo da takardar kuɗin wuta ta ofis. Kowannenmu ya riƙo hotuna fasfo biyu, da shaidar NIN, da lambar BVN. Don Allah a amsa mini kafin ƙarfe 4:00 na yammacin yau. Na gode."

Abu na farko da za a lura da shi, ba a dogara da kalmar "gobe" ba. Wanda bai buɗe imel ɗinsa ba sai da safiyar Talata zai karanta "gobe" ya ɗauka Laraba ake nufi. Shi ya sa ake rubuta sunan rana da kwanan wata tare, wata kuma da haruffa. Idan aka rubuta 03/04, wani zai karanta 3 ga Afrilu, wanda ya saba da tsarin Amurka kuma ya karanta 4 ga Maris. Haka nan "bayan La'asar" ya isa tsakanin maƙwabta, amma ga ganawar ofis sai an sa ƙarfe. In akwai mai shiga taron daga wata ƙasa ta intanet, a faɗi agogon da ake nufi. Agogon Nijeriya ɗaya ne da na Nijar da Kamaru da Chadi, amma ƙarfe 10:00 a Kano ƙarfe 9:00 ne a Kumasi, ƙarfe 11:00 kuma a Khartum.

Wajen bayyana wuri ma ana yawan yin sakaci. Banki ɗaya na iya samun rassa da dama a cikin gari ɗaya, saboda haka "a banki" ba adireshi ba ne. A faɗi titi, da hawa, da ɗaki ko tebur, in da hali a ƙara wata alama da kowa ya sani. Idan taron na intanet ne, mahaɗin shiga shi ne wurin, kuma dole a sake liƙa shi cikin wannan saƙon ko da an taɓa aikawa a baya.

Manufar taro jumla ɗaya ta ishe ta, amma ta faɗi abin da za a gama, kamar "za mu cike takardu mu sa hannu". Wannan ne ke sanar da Alhaji cewa ba zai iya turo ɗansa a madadinsa ba, tunda sa hannunsa ake bukata. Da an rubuta "maganar banki" kawai, da bai gane haka ba.

Inda saƙon ya fi amfani shi ne jerin abin da za a zo da shi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Idan sakatare ya rubuta "a zo da takardar CAC", kowa zai zaci ɗan'uwansa ne zai kawo, a ƙarshe a haɗu babu ita. Kowace takarda a jingina ta ga mutum ɗaya da sunansa, a kuma bambanta asali da kwafi, a faɗi guda nawa. Kafin ya rubuta jerin, sakatare ya tambayi jami'in bankin abin da suke bukata, domin sharuɗɗan bankuna sukan ɗan bambanta.

Wannan jerin ne kuma ke nuna lokacin da ya dace a aika saƙon. A tura shi da safe, kafin azahar, don wanda ba shi da hoto ya samu zuwa wurin mai hoto, mai neman kwafi ya samu shago a buɗe. Saƙon da ya iso ƙarfe 10:00 na dare ya tuna wa mutum taro, amma bai bar masa lokacin shiri ba. Idan taron na Litinin ne, a aika tun ranar Juma'a da safe, domin da yawa ba sa duba imel ɗin aiki a ƙarshen mako. Mai amfani da Gmail zai iya rubutawa tun da wuri ya zaɓi Schedule send, saƙon ya tafi da kansa a lokacin da ya sa. In zai haɗa da takarda, ya duba cewa ta hau kafin ya aika, ya kuma sani cewa Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a liƙe. In ya wuce, mahaɗin Google Drive yake mayar da shi.

Akwai wani kuskure mai tsada: cusa canji a cikin saƙon tabbatarwa. Mai karantawa da ya ga kalmar "tabbatarwa" yakan ɗauka komai na nan yadda aka bari, sai ya wuce da ido. Idan jami'in banki ya mayar da ganawar ƙarfe 11:00, take ya fara da "Canjin lokaci", layin farko ya faɗi tsohon lokaci da sabo, sannan a bi da kiran waya.

Daga ƙarshe, aika saƙo ba ya nufin an karanta shi. Yana iya faɗawa cikin Spam, ko mai shi ba shi da data a ranar. Dalilin da ya sa sakatare ya nemi amsa kafin ƙarfe 4:00 ke nan. Idan lokacin ya cika Hajiya ta amsa amma Alhaji shiru, to ya san wanda zai nema, kuma yana da sauran yamma a hannunsa. Sai ya tura masa rubutun nan ɗaya ta WhatsApp ba tare da sauya komai ba, don kada bayani ya zama iri biyu, sannan ya kira shi ya ji daga bakinsa cewa asalin takardar CAC tana cikin jakarsa.