Idan Agogon Apple Ya Daskare, Ta Waya Ake Goge Shi

Agogon zamani yakan tsaya cak a hannun mai shi. Fuskarsa na haske, amma ko an taɓa ba ya motsi, ko kuma ya maƙale a kan tambarin tuffa. A irin wannan lokaci mutane da yawa kan yi hanzarin neman hanyar goge komai, su mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Ga agogon Apple, wanda ya shigo kasuwa a 2015, wannan gaggawar ce ke jawo asara, domin yawancin daskarewa ba ta buƙatar gogewa ko kaɗan.

A ɗauki misalin ma'aikacin da likita ya ce ya riƙa lura da bugun zuciyarsa, yana kuma tattaki kullum da safe da agogon a hannu, wayar tana gida. Wata rana ya dawo, agogon ya ƙi amsa taɓi. Abu na farko shi ne ya duba saman fuskar. Idan akwai alamar ɗigon ruwa, makullin ruwa ne ya shiga, kuma danne maɓallin da ake murzawa, wato Digital Crown, zai buɗe shi. Idan jar alamar walƙiya ce, batir ne ya ƙare. A ɗora shi a caji, a ba shi har minti 30.

In ba wannan ba ne, sai a tilasta masa ya mutu ya sake tashi. A danne Digital Crown da dogon maɓallin gefe tare, na aƙalla daƙiƙa 10, a saki idan tambarin tuffa ya bayyana. Wannan ba ya goge komai. Sai dai akwai lokaci ɗaya da ba a yin sa: idan agogon na tsakiyar sabunta manhajarsa, wato an ga da'ira tana cika a hankali. Katse shi a nan na iya lalata manhajar, ta yadda sai an kai shi gyara. A bar shi a kan caji ya gama.

To, idan ya tashi amma yana ta komawa daskarewa, a nan ne gogewa ta zama dole, kuma a nan ne ake yin kuskure. Agogon ba ya ajiye kwafin kansa da kansa, wayar iPhone ce ke yi masa idan suna kusa. Tattakin da mutumin nan ya yi da safe, da bugun zuciyar da aka auna a hanya, suna cikin agogon kaɗai har sai ya haɗu da waya. Saboda haka ya ajiye su kusa da juna, ya tabbata babu jar alamar waya a fuskar agogon, sannan ya buɗe manhajar Health ya ga ko lissafin yau ya shigo. Ya kuma duba cewa Health na kunne a iCloud, domin bayanan lafiya ba sa shiga kwafin da aka yi a kwamfuta sai an kulle kwafin da kalmar sirri.

Daga nan sai ya buɗe manhajar Watch a waya, ya shiga All Watches, ya taɓa alamar i, ya zaɓi Unpair Apple Watch. Wayar za ta yi sabon kwafi kafin ta goge agogon, za ta kuma nemi kalmar sirrin asusun Apple don cire Activation Lock. Idan agogon na da layin kansa, za a tambaye shi ko a riƙe layin. Mai niyyar ci gaba da amfani da agogon ya riƙe. Bayan an sake haɗa su, ya zaɓi Restore from Backup. Fuskokin agogon, tsarin manhajoji da saituna za su dawo. Katunan Apple Pay, lambar sirrin agogon da haɗin na'urorin kunne na Bluetooth ba sa dawowa, sai an sake saka su da hannu.

Ana iya gogewa daga agogon kansa, ta Settings, General, Reset, sannan Erase All Content and Settings. Amma wannan hanya ba ta cire Activation Lock, kuma agogon zai tashi yana neman asusun da aka fara haɗa shi da shi. Wanda ya manta kalmar sirrinsa ya fara gyara wannan tukuna. Wanda kuma ya sayi na hannu bai tabbatar mai shi na farko ya cire asusunsa ba, kada ya sa ran gogewa za ta buɗe masa agogon.